Kwandon da Aka Cika Aka Bari: Tambayoyi da Amsoshi Kan Gano Inda Masu Saye Ke Tsayawa Kafin Biya

Waɗannan tambayoyi ne da masu kantunan intanet ke yawan maimaitawa, musamman masu sayar da atamfa, leshi, turare da takalma waɗanda suka buɗe shafin kansu bayan sun daɗe suna ciniki ta WhatsApp da Instagram. Misali ɗaya za mu bi tun daga farko har ƙarshe: wani kantin yadi a Kano da ke aika kaya zuwa sauran jihohi. Kantin da alƙalumansa duk na misali ne, an tsara su don lissafin ya fito fili.

1. Me ake nufi da kwandon da aka bari?

Shi ne idan mutum ya shiga shafinka, ya zaɓi kaya ya saka a kwando, sannan ya fita bai biya ba. Sai dai manhajoji ba su haɗu a kan ma'ana ɗaya ba. A Shopify, manhajar da ake buɗe kantin intanet da ita, jerin `Abandoned checkouts` ya ƙunshi waɗanda suka kai shafin biya har suka bar imel ko lambar waya, sannan suka tafi. Wanda ya saka kaya a kwando bai ƙara gaba ba, ba za ka gan shi a wannan jerin ba. A Google Analytics 4 kuwa, wato manhajar Google mai ƙirga abin da masu shiga shafi ke yi, ana iya fara ƙidaya tun daga lokacin da aka danna maɓallin sakawa a kwando. Don haka idan mutum biyu suna gardama a kan nawa ne ke barin kwando, a fara tambayar kowannensu daga wane mataki ya fara ƙirga.

2. An ce mutum bakwai cikin goma na barin kwando. A kantina ya kai tara cikin goma, ya lalace ke nan?

Wannan adadi na kusan kashi 70 cikin ɗari ya fito ne daga cibiyar Baymard, wadda ke haɗa sakamakon bincike-bincike da dama ta fitar da matsakaici. Yawancinsu an yi su ne a kasuwannin da biya da kati ya zama ruwan dare, kuma ake kai kaya ƙofar gida da adireshi mai lamba. Kwatanta kantinka da wannan ba zai gaya maka komai ba.

Mutane da yawa suna amfani da kwando ne wajen taya kaya kawai, kamar mai zagaya Kantin Kwari tana ɗaga turmi tana tambayar farashi alhali sai albashi ya shigo za ta saya. Wata ta saka kala biyar don ta ga jimillar kuɗin, wata ta ɗauki hoton kwandon ta tura wa ƙawayen amarya su zaɓi anko. Waɗannan ba asara ba ne. Jimillar adadin ta cakuɗa su da wanda ya ciro katinsa da niyyar biya banki ya ƙi, kuma wannan na biyun shi ne wanda kake nema. Ba za ka raba su ba sai ka karya tafiyar mataki-mataki.

3. Yaya ake mayar da bayanan kwando su zama mazurari?

Ana jera matakan da mai saye ke bi daga kwando zuwa biya, a ƙirga mutum nawa suka kai kowane mataki. Sama na da faɗi, ƙasa na ƙara tsukewa. Google Analytics 4 yana da sunaye tsayayyu na waɗannan matakai, kuma dole a rubuta su daidai yadda suke. Ga na kantinmu na misali a cikin mako huɗu:

```
add_to_cart         2000
begin_checkout       900
add_shipping_info    630
add_payment_info     360
purchase             210
```

Na farko sakawa a kwando ne, na biyu buɗe shafin kammala saye, na uku cike adireshi da zaɓen hanyar kai kaya, na huɗu zaɓen hanyar biya, na biyar kuma biyan ya tabbata. Ana raba kowane adadi da wanda ke samansa kai tsaye, ba da na farko ba. Daga 2,000 zuwa 900 kashi 45 cikin ɗari ne suka wuce. Daga 900 zuwa 630 kashi 70. Daga 630 zuwa 360 kashi 57. Daga 360 zuwa 210 kashi 58.

Don ganin wannan a Google Analytics 4, a shiga `Explore` a zaɓi `Funnel exploration` a jera matakan. Akwai kuma rahoton `Checkout journey` da ke zuwa a shirye, amma daga `begin_checkout` yake farawa. Wani abu da ake mantawa: bayanan da `Explore` ke aiki da su wata biyu kawai ake ajiye su idan ba a canja ba. A shiga `Data retention` a mayar da shi wata 14 tun yau, domin abin da aka riga aka goge ba ya dawowa.

4. Mutane zan ƙirga, ko ziyara, ko yawan dannawa?

Mutane. Hajiya ɗaya da ta saka turmi shida ta haifar da `add_to_cart` shida, amma biya ɗaya za ta yi. Idan ka ƙirga dannawa, matakin farko zai kumbura, ka ɗauka jama'a na gudu alhali kaya suke ƙarawa. Ziyara ma tana ruɗi, don tana yankewa bayan minti 30 ba motsi. Wanda ya cika kwando da azahar ya dawo ya biya bayan isha'i, a ƙidayar ziyara ya bar kwando sau ɗaya kuma ya saya sau ɗaya.

Ko ƙidayar mutanen ma ba cikakkiya ba ce, tunda burauza ake ganewa ba mutum ba. Wadda ta buɗe shafinka daga cikin Instagram, daga baya ta buɗe shi a Chrome ta biya, mutum biyu ce a idon manhajar: ɗaya ta bar kwando, ɗaya ta saya. Wannan na ƙara kumbura saman mazurarin.

5. Mene ne bambancin rufaffen mazurari da buɗaɗɗe?

A rufaffe, sai wanda ya shigo ta matakin farko ake ƙirgawa a matakan gaba. A buɗaɗɗe, ana ƙirga mutum ko ta tsakiya ya faɗo. Rufaffe ne ke amsa tambayar "cikin waɗanda suka cika kwando, nawa suka biya?", don haka da shi ake farawa. Amma idan shafinka na da maɓallin saye kai tsaye wanda ke tsallake kwando, ko kana tura wa mutane mahaɗin biya ta WhatsApp, rufaffen zai zubar da waɗannan cinikin. Kunna `Make open funnel` ka kwatanta. Idan adadin `purchase` ya yi tsalle, akwai wata ƙofar da masu saye ke shigowa ta ita.

6. Matakin da ya fi zubar da mutane shi ne zan fara gyarawa?

Ba lallai ba. A misalinmu, mutum 1,100 sun tsaya tsakanin kwando da shafin kammala saye, kuma wannan ne ido ke fara faɗawa kansa. Amma a nan masu taya kaya suka fi yawa, kamar yadda aka yi bayani a tambaya ta 2. Duk gyaran da za ka yi, kaɗan daga cikinsu za su motsa.

Dubi mutum 270 da suka ɓace tsakanin cike adireshi da zaɓen hanyar biya. Waɗannan sun zauna sun rubuta suna, lambar waya, unguwa, har da "kusa da masallacin Juma'a, gida mai jan get", duk a kan ƙaramin allon waya. Mai wasa ba ya wannan wahalar. Wani abu suka gani bayan sun gama wanda ya sa suka fasa. Mutum 150 na matakin ƙarshe sun ma fi su kusa da biya. A ganina ana fara bincike ne daga ƙasa a yi sama, domin duk yadda mutum ya matso kusa da biya, haka dalilin tsayawarsa ke ƙara zama abin da ke hannunka. Kafin nan dai, sai an tabbatar alƙaluman gaskiya ne, wato tambaya ta gaba.

7. Ta yaya zan san raguwar gaskiya ce, ba kuskuren ƙidaya ba?

Ka ɗauki adadin `purchase` ka ajiye shi kusa da littafin odar kantinka da kuma rahoton kamfanin da ke karɓar maka kuɗi, irin su Paystack ko Flutterwave, na ranakun nan dai. Kuɗin da ya shiga asusu shi ne hujja. A misalinmu, mazurarin ya ce 210, rahoton biya ya nuna mutum 260. Mutum 50 sun biya, ba a ƙirga su ba. Matakin ƙarshe ke nan ba kashi 58 ba ne, 260 cikin 360 ne, wato kashi 72.

Yadda hakan ke faruwa sananne ne ga duk mai karɓar taransifa. Yawanci `purchase` na tashi ne idan shafin godiya ya buɗe a burauzar mai saye. Shi kuwa mai taransifa ya kwafi lambar asusu, ya fita daga burauza, ya shiga manhajar bankinsa ya tura, ya ga alat na cirewa, hankalinsa ya kwanta, ya saka waya a aljihu. Bai koma shafin ba. Wani ya so komawa, amma wayarsa ba ta da ƙarfin riƙe manhajoji biyu, ta rufe burauzar da kanta. Mai USSD ma haka. Maganinsa shi ne a bar dogaro da burauza: kamfanin biya na aiko wa sabar kantin saƙon tabbaci, wanda a Paystack sunansa `charge.success`, sai mai haɗa maka shafi ya sa sabar ta tura `purchase` ta hanyar `Measurement Protocol`, wato hanyar aika bayani kai tsaye daga saba zuwa Google Analytics, tare da `transaction_id` na odar don a iya gane maimaici.

Akwai wasu alamun kuskure guda biyu. Idan matakin ƙasa ya fi na samansa yawa, ko wani mataki ya faɗi kusan sifili dare ɗaya bayan an sabunta shafi, to ƙidayar ce ta karye, ba kasuwa ba. Hanyar gwaji mafi sauƙi ita ce ka ɗauki waya, ka kashe wayifai ka kunna data, ka sayi kaya mafi araha a kantinka, kana kallon `DebugView` na Google Analytics, bayan mai haɗa maka shafi ya kunna `debug_mode`, ka ga ko kowane mataki na tashi sau ɗaya a lokacin da ya dace.

8. Na gano matakin da ake tsayawa. Yaya zan gano dalili?

Mazurari na nuna wuri ne kawai. Dalili na fitowa idan ka raba mutanen wannan matakin gida-gida ka ga wane rukuni ne ya bambanta da saura. Mu ɗauki mutum 630 da suka cike adireshi. An raba su bisa inda za a kai kayan: 250 cikin Kano suke, 190 daga ciki suka wuce, wato kashi 76. Sauran 380 na wajen Kano ne, 170 suka wuce, kashi 45. Matsalar ta koma gefe ɗaya.

A sake raba na wajen Kano bisa darajar kwando. Masu kayan ƙasa da naira 20,000 su 220 ne, 66 suka wuce, kashi 30. Masu kayan da ya haura haka su 160, 104 suka wuce, kashi 65. Yanzu sai a buɗe shafin a duba abin da mai saye ke gani a daidai nan. Kuɗin kai kaya ne: naira 1,500 cikin gari, naira 6,000 wajen jiha, kuma ba ya bayyana sai an gama cike adireshi. Mai sayen turmi ɗaya na 18,000 a Gombe ta ga jimilla ta koma 24,000, an ƙara mata sulusin kuɗin kayan. Mai sayen na 90,000 ba ta ko lura ba. Wannan ya yi daidai da abin da binciken Baymard ya daɗe yana nunawa, cewa tsadar ƙarin kuɗi irin na kai kaya ita ce kan gaba cikin dalilan da masu saye ke bayarwa, in aka cire masu kallo kawai.

A riƙa rabawa da abu ɗaya a lokaci guda. Bayan wuri da darajar kwando, abin da ya fi fito da bambanci shi ne nau'in na'ura da burauza, sai hanyar da mutum ya shigo, talla ce ko tsohon kwastoma. Idan duk rukunan sun faɗi tare, abin da kowa ke gani ne ya samu matsala, kamar maɓallin da ya daina aiki.

9. Tunda kuɗin kai kaya ne, in rage shi kawai?

Yi lissafi tukuna. A ce ribar kowace ƙaramar oda naira 4,000 ce. Yanzu mutum 66 ke wucewa, kashi 72 cikinsu na kammala biya kamar yadda aka gyara a tambaya ta 7, kusan oda 48 ke nan, ribar naira 192,000. A ce ka ɗauke musu naira 2,500 daga kuɗin aike, masu wucewa suka tashi daga kashi 30 zuwa 50. Mutum 110 sun wuce, oda ta zama 79. Amma rangwamen ya shafi duka 79 ɗin, har da 48 da da ma za su saya, sai ribar kowace ta koma 1,500, jimilla 118,500. Mazurarin ya yi kyau, aljihu ya rame.

Hanyoyin da ba sa cin riba sun fi cancanta a fara gwadawa. A nuna kuɗin aike tun a kwando da zarar mutum ya zaɓi jiharsa. A ƙara zaɓin karɓa a tasha, wanda mutanenmu sun saba da shi kuma ya fi araha: a ba direba, a turo lambarsa. Ko a ce aike kyauta ne ga kwandon da ya kai wani adadi da ribarsa za ta ɗauka. A lura, nuna kuɗin da wuri zai sa wasu su tsaya tun a kwando, matakin farko ya ƙara muni, na uku ya gyaru. Raguwar ta canja wuri ne. Don haka hukunci na ƙarshe ana yin sa da adadin waɗanda suka biya cikin waɗanda suka cika kwando, da kuma ribar da ta rage.

10. Waɗanda suka kai matakin biya fa, me ke tsayar da su?

A nan rahoton kamfanin biya ya fi Google Analytics amfani, domin yana rarrabe abu biyu da mazurari ke haɗawa. `failed` na nufin mutum ya gwada, aka ƙi. `abandoned` na nufin an buɗe masa tagar biya bai kammala ba. Na farko ya so ya ba ka kuɗi. A WooCommerce, wata manhajar kantin intanet, za ka ga makamancin haka a `Failed` da `Pending payment`.

Mutum 360 na misalinmu, 150 sun zaɓi kati, 87 suka yi nasara, kashi 58. Masu taransifa 170 ne, 146 suka kammala, kashi 86. Masu USSD 40, 27 suka kammala. Kati ne ke da rauni, kuma kowace ƙi tana zuwa da dalilinta a rubuce: ba isasshen kuɗi, banki ya ƙi, lambar PIN ba daidai ba, ko lokaci ya ƙure. Na ƙarshen galibi lambar OTP ce da ba ta iso ba sai bayan tagar ta rufe, abin da mai sayen da ke inda sabis ke wasa ya sani sarai. Idan ƙin ya taru a banki ɗaya a yini ɗaya, tangarɗar wannan ranar ce, ta wuce. Idan ya bazu a duk watan, sai a sa taransifa ta zama zaɓin farko, kuma wanda katinsa ya ƙi a nuna masa wata hanyar nan take, kada a mayar da shi kwandon da babu komai.

Akwai kuma waɗanda tsoro ke tsayarwa. Ba su san kantin ba, ba sa son saka lambar kati a shafin da ba su ga adireshin shago ko lambar da za a kira ba. Su kan bar tagar ba su gwada komai ba.

11. Da yawa suna barin kwando su zo su biya ta WhatsApp. Ina zan saka su?

Sun saya, don haka ba sa cikin asara, amma mazurarin bai sani ba. Mai saye ta turo hoton kwando ta ce, "Alhaji, turo akawun in tura, ban iya wannan na shafin ba." A sa danna maɓallin WhatsApp ya zama abin da ake ƙirgawa, a kuma sa saƙon da ke buɗewa ya ɗauko lambar kwandon. Yaron shago ya rubuta lambar a gefen kowane cinikin da ya faɗa. A ƙarshen wata a cire su daga cikin waɗanda suka ɓace.

Matakin da aka fi danna maɓallin ma labari ne. Idan a shafin adireshi ne, fom ɗin ne ke wahalar da mutane, wataƙila yana tilasta lambar gidan waya da kusan ba wanda ya haddace, ko yana ƙin lambar waya idan ta fara da sifili.

12. Kwana nawa na bayanai ke isa kafin in yanke hukunci?

Yawan mutanen da ke matakin ne abin dubawa, ba yawan kwanaki ba. Masu USSD na tambaya ta 10 su 40 ne kacal, mutum ɗaya na motsa sakamakon da maki biyu da rabi. Idan huɗu suka canja, ya tashi ko ya sauka da maki goma ba tare da wani dalili ba. Bambanci irin na kashi 76 da 45 a kan ɗaruruwan mutane shi ne ake dogara da shi. A ɗauki makonni cikakku, kuma a haɗa da ƙarshen wata, tunda kwandon da aka cika ranar 20 sau da yawa sai albashi ya shigo ake biyansa. Kada a kwatanta goman ƙarshe na azumi da watan bayan salla, masu sayen ma ba iri ɗaya ba ne. Idan an yi gyara, a rubuta ranarsa, kuma kada a haɗa gyara biyu a mataki ɗaya a mako ɗaya, don ba za a san wanne ya yi aiki ba.

13. Zan iya kira ko tura saƙo ga waɗanda suka bar kwando?

Waɗanda suka bar lamba ko imel kaɗai za ka iya samu, wato daga matakin adireshi zuwa ƙasa. A Najeriya akwai dokar kare bayanan jama'a ta 2023, wadda ta buƙaci a gaya wa mutum abin da za a yi da bayanansa, ta kuma ba shi damar ƙin saƙon talla. A rubuta a fom ɗin cewa za a iya tuntuɓarsa game da odarsa, wanda ya ce a bari a bari. Kafin a tura komai a duba rahoton biya da littafin WhatsApp, don kada a tunatar da wanda ya riga ya biya, zai ɗauka kuɗinsa sun maƙale.

Saƙon ya dace da inda mutum ya tsaya. Wanda katinsa ya ƙi, lambar asusu yake buƙata, cikin awa ɗaya tun bai saya a wani wuri ba. Wadda ta tsaya a kuɗin aike, a gaya mata akwai karɓa a tasha da farashinsa. Ragi ga kowa da kowa kuwa na koya wa tsofaffin kwastomomi su riƙa barin kwando da gangan suna jiran saƙo. Idan kira za a yi, a fara da mutum goma sha biyar daga mataki ɗaya, a gaisa a yi tambaya ɗaya: "Hajiya, mun ga kin zaɓi kaya ba ki ƙarasa ba, ko akwai abin da ya ba ki matsala?" A rubuta amsar da kalmominta, a ajiye kusa da rukunin da aka fitar a tambaya ta 8 a ga ko sun dace.